Abincin Mutum Ɗari Uku a Takieta

Yayata mai dafa abincin taro ce. Ba ta da shago, ba ta kafa allo a ƙofar gida ba, amma a unguwar Birni ta Damagaram in ana neman wadda za ta dafa wa mutum ɗari biyu ko uku shinkafa ba ta caɓe ba, nama kuma ya kai ga na ƙarshen layi, lungunmu ake nunawa. Daga Inna, mahaifiyarmu, ta gaji sana'ar. Inna ta yi zamaninta tana tuƙa tuwon biki ana sallamarta da turmin atamfa da goro, kuma abin da ta bar wa Yaya shi ne manyan tukwanen dalma guda huɗu, kowace sai mata biyu sun kama kafin ta hau murhu. A lokacin Yaya ne sana'ar ta koma ta kuɗi. Mutanen biro, wato ma'aikatan ofis, suka fara kiranta in suna da taro, su tambayi farashin kai guda, su nemi faktir, wato rasit, mai hatimi.

Ni na shigo aikin ne bayan aurena ya mutu, na dawo gida da 'yata ƙarama. Ba na iya tukunya kamar Yaya, saboda haka cefane da rabon abinci suka zama nawa. Ta ukunmu ita ce Iya, wata dattijuwa Babarbariya da ta yi aiki tun zamanin Inna. Ita ke tsayawa a kan wuta, ita ke ɗanɗana gishiri, kuma ita ke tattaro matan da muke ɗauka aikin yini.

A shekarar da nake magana, aiki ya yi ƙaranci. Bukukuwan da muka samu ƙanana ne, kuma wata mata a Sabon Gari ta shigo sana'ar da ƙarfinta, tana da motarta da rumfunanta, tana karya farashi. Yaya kuwa ta ɗauki babban firigo, wato firiji, bashi daga wani mai butikin kayan wuta, tana biya wata-wata. Muna cikin haka sai ga wani mutum ya yi sallama a zaure. Ma'ajin wata ƙungiyar manoma ne, mai matsakaicin shekaru, mai sanyin magana. Ya ce za su yi babban taro na kwana biyu a Takieta, wakilai ɗari uku daga ƙauyukan Damagaram, ana son shayi da burodi da safe, da abincin rana. Wani proje ne, irin na ƙungiyoyin tallafi, zai biya. Ƙungiyar ba ta da kujeru ba ta da rumfa, don haka duk wanda ya karɓi abinci shi zai kawo su.

Yaya ta ce ya dawo gobe. Ba ta taɓa faɗin farashi a tsaye ba.

Da la'asar muka shimfiɗa tabarma, ta ɗauko wayarta tana dannawa ina faɗa mata kuɗin kasuwa. Kashi biyu take yi wa lissafi kullum. Na farko shi ne abin da ke shiga cikin mutum: shinkafa, kilo guda ga mutum biyar domin mutanen ƙauye ba sa wasa da faranti, sai nama, mai, tumatir, albasa, kayan yaji, ruwan leda, shayi, sukari, burodi. Wannan ya kama sefa dubu ɗaya da ɗari biyu ga kai guda a yini. A kan wannan ta ƙara kashi goma cikin ɗari, abin da take kira rabon ƙasa. Shi ne na ƙanzon da ke kamawa a gindin tukunya, da tumatirin da zai ruɓe a kwando, da farantin da za a kifar, da direbobi da masu gadi da ba sa cikin ƙirga amma ba yadda za a yi a hana su ci.

Kashi na biyu shi ne wanda ba ruwansa da yawan baki. Mata goma masu girki da wanke-wanke, jika uku-uku, wato sefa dubu uku kowace, Iya jika biyar, maza huɗu masu ɗaukar kaya da rabo, jika biyu da rabi kowane, ya zama jika arba'in da biyar a yini. Itace da gaz, jika ashirin da biyar. Hayar kujeru ɗari uku da rumfa uku da faranti da kuloli da ƙarin tukwane, jika tamanin. Kamiyo, babbar motar da za ta kai mu Takieta ta dawo da mu, jika sittin, wato talatin a kan kowane yini. Duka jika ɗari da tamanin a yini. Ta raba shi a kan mutum ɗari uku, ya faɗo sefa ɗari shida ga kowane kai.

Ta haɗa, kai guda ya tsaya mata a sefa dubu ɗaya da ɗari tara da ashirin, kafin ta ci ribar ko dala. Ta ce za ta nemi jika biyu da rabi.

Washegari ma'aji ya dawo. Da ya ji farashin sai ya yi murmushin da ba na jin daɗi ba.

"Hajiya, ya yi yawa. Akwai wadda ta ce mana jika biyu."

"Wadda ta ce maka jika biyu rumfarta ce, motarta ce," in ji Yaya. "Ni haya nake yi. Kuma ka tambaye ta naman mutum nawa ne a kilo guda."

"Na sani. Shi ya sa na zo nan. Shugabanmu ya ci abincinki a wani suna, shi ya ce ke yake so. Amma abin da proje ya ware ba zai wuce dubu biyu da ɗari biyu ba."

Yaya ta ɗauko waya tana dannawa. Ribar sefa ɗari biyu da tamanin a kai, a mutum ɗari uku, kwana biyu, jika ɗari da sittin da takwas. Ba mai yawa ba ce ga irin wahalar, amma za ta rufe watanni na firigo.

"To na yarda. Amma da sharaɗi, Malam. Ko mutum nawa suka zo, za a biya ni na ɗari biyu da saba'in. Kujera ba ta san ko an zauna a kanta ba, mai ita kuɗinsa zai karɓa."

Nan ya gyara zama. Ya ce wannan ba a hannunsa yake ba. Proje da takardar sa hannu yake biya. Kowane wakili zai rubuta sunansa ko ya dangwala yatsa, a ƙirga, a ninka da farashi. Babu layin da zai rubuta kuɗin wanda bai zo ba.

"To a raba faktir biyu," in ji Yaya. "Kuɗin haya da mota da ma'aikata daban, a dunƙule. Abinci kuma a kan kai."

"Na taɓa gwadawa da wani taro, suka dawo min da ita. Layi ɗaya suke so, kai kaza, kuɗi kaza." Ya ɗan sassauta murya. "Hajiya, shekara nawa ina wannan aiki, ban taɓa ganin taron da ake ba da kuɗin mota ya rasa mutane ba. Matsalarmu kullum yawa ce. Ki ji tsoron su wuce ɗari uku."

Ba ƙarya ya faɗa ba. Mu ma mun sani. A duk tarukan da muka yi, ƙari muke gani, ba ragi ba. Kuma a lokacin an sa taron ne a tsakiyar bazara, sa'ad da manomi ba shi da aikin da ya wuce zama a inuwa. Yaya ta dube ni, ta dubi firigon da ke gurnani a rumfar tsakar gida. Ta sa hannu.

Sai aka ɗaga taron. Kuɗin proje bai sauko ba. Aka sa wata rana, aka sake ɗagawa. Kafin a tsayar da magana zafi ya kai maƙura, gajimare ya fara taruwa ta gabas da yamma yana watsewa. Albasa ta hau, tumatir ya yi wuya sai da muka koma na gwangwani da busasshe, amalanken itace ma ya ƙara kuɗi. Farashin kai kuwa yana nan inda aka sa hannu. Yaya ta kira ma'aji ta ce masa damina na bakin ƙofa, a sake duba maganar sharaɗin nan. Ya ce ruwa bai saba sauka da wuri haka ba, kuma an riga an aika wa kowane ƙauye. Ya kawo avansi, wato kafin alƙalami, jika ɗari huɗu. Ta karɓa. Da ta ƙi a lokacin, da sunanta ya ɓaci a wajen mutanen biro gaba ɗaya, haka ta ce min, kuma matan da Iya ta tara sun riga sun ƙi wasu ayyukan saboda namu.

Avansin bai kai rabin abin da za a kashe ba. Da shi muka sayi sa guda a kasuwa muka biya rabin kuɗin haya da na mota. Shinkafa da mai da sukari muka ɗauka bashi wajen wani Alhaji mai siton kayan abinci da muka daɗe muna hulɗa. Sauran kuma Yaya ta roƙi matan adashinsu suka ba ta ɗauka kafin layinta ya zo.

Ana gobe taro muka hau kamiyo, mu da tukwane da kujeru da sa a ɗaure a kusurwa. Matan suna ta raha a hanya. An ba mu filin wata lakwal, wato makaranta, aka kafa rumfuna, muka haƙa murahu a bayan azuzuwa inda iska ba ta kaɗawa sosai. Da magariba muka ga walƙiya can nesa ta kudu da gabas. A Takieta yayyafi kawai aka yi, ko ƙura bai kwantar ba. Iya ta daɗe tana kallon wajen.

Bayan sallar asuba mahauci ya yanka sa. Naman kwana biyu ne, rabi na miyar ranar, rabi za a soya ya kwana. Muka dafa shayi, burodi ɗari uku na cikin buhuna. Da hantsi aka fara zuwa. Na tsaya a bakin tebur ina zubawa, ina kuma ƙirgawa a raina kamar yadda na saba. Da na kai sittin sai layi ya yanke.

Na zagaya baya na faɗa wa Yaya. Ta goge hannu ta je ta sami ma'aji a ƙarƙashin rumfa, yana ta waya.

"Malam, ina mutanenka?"

"Suna hanya, Hajiya. Na Gouna da na wajen Mirya sun yi nisa, sai sun biyo ta Damagaram."

"Ka faɗa min gaskiya. Yanzu zan zuba shinkafa. In na zuba ba ta komawa buhu."

"An ce an yi ruwa a wasu wurare. Amma ba duka ba. Ki dafa na ɗari uku. In suka iso da azahar babu abinci, da wane ido zan dubi shugaba?"

Shinkafar mutum ɗari uku ba a dafa ta cikin gaggawa. In ba a ɗora da hantsi ba, ba za ta sauka da azahar ba. Yaya ta tsaya a gaban tukwane, ruwa na tafasa, mata sun wanke shinkafa tana tsane a kwanduna. Iya ta ce a zuba rabi a jira. Yaya ta ce in motoci biyu suka sauke mutane a lokaci guda fa? An taɓa yi mata haka a wani taro, abinci ya yanke, ta shekara ana yi mata gori. Ta sake kallon ƙofar lakwal. Sannan ta ce a zuba duka.

Wajen azahar wani dattijo ya iso a bayan babur, ƙafafunsa duk laka. Daga bakinsa muka ji. An kwana ana ruwa a kudu da gabas, ruwan shuka sosai, ƙasa ta jiƙu har kamu guda. Ya ce tun da duku-duku gari ya watse, maza da mata da yara duk suna gona da sungumi da ƙwaryar iri. Shi ma don 'ya'yansa sun isa ne ya taho.

Babu wanda ya zagi kowa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ruwan farko ba ya jira. In ka bar laimar ta tafi, wataƙila sai bayan sati biyu, wataƙila ka rasa shekarar. Kuɗin mota na kwana biyu ba zai sa mutum ya bar geronsa ba. Har matanmu da ke bakin murhu sai da suka ce alhamdu lillahi, domin kowace tana da dangi a ƙauye.

Mutum casa'in suka sa hannu a ranar.

Na raba musu abinci a ƙarƙashin rumfa guda, sauran biyun babu kowa sai kujeru a jere. Na cika musu faranti har suna cewa ya isa. Da aka gama, tukwane uku ko taɓa su ba a yi ba. A irin wannan zafi, dafaffiyar shinkafa da miya ba ta kaiwa dare. Ba mu da firigo a can, wanda muke da shi yana Birni. Yaya ta ce a kira mutanen unguwa.

Lokacin ne na shekara da rumbuna suka yi ƙasa, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Kafin a jima filin ya cika da mata da roba da kwano da bokiti. Muka aika da kula biyu gidan likita, guda tasha. Ina zubawa ana ta yi mana addu'a, Allah ya ƙara arziki, Allah ya saka wa mai sadaka. Wata tsohuwa ta kama hannun Yaya tana tambaya ko rasuwa aka yi mata. Yaya ta ce a'a, Inna, ki dai ci. Na tabbata waɗanda suka ci abincinmu a ranar sun wuce ɗari uku. Casa'in ne kawai ke kan takarda. Duk da haka gindin tukunya guda sai da ya yi tsami, muka kai bayan katanga muka juye wa awaki.

Da la'asar Yaya ta sake samun ma'aji. Ina tsaye a bayanta.

"Gobe fa?"

"Wataƙila waɗanda suka gama shuka su zo."

"Ba a gama shuka a yini guda. Kai ma ɗan ƙauye ne." Ta zauna a ɗaya daga cikin kujerun da ba kowa. "Ka saurare ni, Malam. Jika ɗari da tamanin nake kashewa kowace rana kafin a sa loma a baki. Na raba shi a kan mutum ɗari uku, shi ya sa na iya ba ka farashin nan. A kan mutum casa'in, jika biyu ne a kowane kai. Ko da a ce na san adadinsu na dafa daidai, kai guda ya fi ƙarfin jika uku. Kai kuma za ka ba ni biyu da ɗari biyu. Balle ga shi na dafa na ɗari uku da umarninka."

"Na sani, Hajiya. Wallahi na sani."

"To ka rubuta cewa kai ka ce a dafa."

Ya ce zai rubuta, zai kai har biro ɗin proje da ƙafarsa. Ɗaya daga cikin mazan da ke mana rabo, da ya ji, ya matso yana cewa ai abin mai sauƙi ne, ga mutanen gari nan, a kira su su dangwala yatsa. Ma'aji ya girgiza kai. Ya ce sunayen wakilai suna wajen proje tun tuni, da lambar katin kowa, in aka kama shi gidan kaso ne. Yaya ma ta ɗaga wa mutumin hannu ya yi shiru.

Ta so ta mayar da kujeru ɗari biyu da rumfa biyu a yammacin don ta tsira da hayar yini guda. Ta kira mai kayan haya a Damagaram. Ya ce kwana biyu aka yi da shi, ya hana wani mai biki saboda ita, kuma ko ya yarda, wa zai biya motar da za ta kwaso su? Ta sallami mata huɗu, amma sai da ta ɗauki alkawarin kuɗin kwana biyunsu, domin haka aka yi da su tun a gida.

Rana ta biyu mutum saba'in suka rage. Wasu daga cikin na jiya sun gudu gonakinsu. Muka dafa na ɗari da ashirin. Soyayyen naman da ya yi saura muka sayar wa wata mai tuwo a tasha da abin da ta ga dama ta bayar. Aka rufe taro da wuri. Muka hau kamiyo muka kama hanyar dawowa. Dama da hagu gonaki ne cike da mutane, namiji a gaba yana sara, mace a baya tana jefa iri tana takewa, ƙasa ta yi duhu da laima, ƙanshinta har cikin mota. Yaya ta jingina da tukunya ta rufe fuska da mayafi.

Bayan 'yan kwanaki ma'aji ya zo da takardunsa. Casa'in da saba'in, kai ɗari da sittin, a dubu biyu da ɗari biyu, jika ɗari uku da hamsin da biyu. Avansin da ya bayar jika ɗari huɗu ne. Wato Yaya ce za ta mayar da jika arba'in da takwas.

Ya faɗi haka kansa a ƙasa. Ya ce ya je biro ɗin proje, ya yi bayani, sun ce sun tausaya amma dokarsu ke nan, wanda ya sa hannu a yarjejeniya ya san abin da ya sa wa hannu. Ya ce shugaban ƙungiya ya tara kwamiti, sun amince su cike arba'in da takwas ɗin daga asusunsu, kada a karɓi komai a hannunta. Iyakar abin da suka iya ke nan, ƙungiyar talakawa ce.

Yaya ta ce ta gode. Ta sa na kawo masa ruwa.

Da ya tafi muka zauna muka haɗa. Bayan an cire buhunan shinkafa da jarkar man da ba a buɗe ba, waɗanda Alhaji mai sito ya yarda ya karɓa, abin da muka kashe ya kusa jika dubu. Asarar ta doshi jika ɗari shida. Mai kayan haya ya ƙara da nasa, kujeru uku sun karye, faranti goma sha ba su dawo ba, sun bi matan unguwa. Wannan a ƙa'ida yana kan wanda ya ɗauki haya, Yaya ba ta yi musu ba.

Matan aiki ta fara biya. Ta ce Alhaji yana da sito, mai haya yana da kujeru, su kuwa kuɗin nan ne cefanensu. Ta sayar da 'yan kunnenta na zinari ta sallame su ɗaya bayan ɗaya. Iya ta ƙi karɓar nata. Ta ajiye kuɗin a kan tabarma ta ce, "Ni da uwarki mun ci riba tare, mun ci asara tare." Yaya ta ce Inna ba ta taɓa cin gumin kowa ba, ita ma ba za ta fara ba. Suka yi ta turawa juna har muryoyi suka tashi, Iya ta fita tana share ido da bakin zane. Sai ni na bi ta da kuɗin har gida na ba jikarta.

Firigo ya koma wajen mai butiki, abin da aka riga aka biya ya tafi a matsayin haya. Adashi ne ya fi ci mata rai. Ta ɗauka kafin lokacinta, ga shi zubi ya gagare ta. Uwar adashi ƙawarta ce tun suna 'yan mata, ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, sai dai ta zo ta zauna a tsakar gida ta yi ta hirar duniya, ta tashi ba ta ambaci kuɗi ba. Bayan zuwa na uku Yaya ta aika aka kira dillaliya. Tukwanen Inna uku aka fitar. Lungunmu mota ba ta shiga, saboda haka a ka aka ɗauke su, ta gaban kowace ƙofa, da rana tsaka. Maƙwabta suka leƙo suka koma. Daga baya muka ji matar nan ta Sabon Gari ce ta saye su.

Da tukunya guda ba a karɓar taro. Ana iya hayar tukwane, amma sai da jari, kuma Alhaji ya daina ba mu kaya sai kuɗi hannu. Bai yi laifi ba. Mun ɗauki fiye da shekara kafin mu gama da shi. Aka yi damina mai kyau a shekarar, gero ya yi, bayan kaka bukukuwa suka yi yawa a gari da ƙauye. Mutane suna zuwa zaure, Yaya tana cewa ba ta da hali. Wata rana shugaban ƙungiyar ya aiko mata da buhun gero guda daga gonarsa, da saƙon cewa yana jin kunyarta. Muka ci shi.

Ni na koma suyar ƙosai a bakin lungu da safe, da shi nake riƙe kaina da 'yata. Iya ba ta ƙara fita aiki ba, ƙafa ta hana ta, ta rasu bayan shekara biyu. Yaya ta zauna a gida watanni ba ta son fita, hawan jini ya kama ta, likita ya ce ta rage tunani da gishiri. Da ta ɗan samu sauƙi, matar Sabon Gari ta aiko tana neman wadda za ta tsaya mata a kan wuta. Na ɗauka Yaya za ta ƙi. Ta tambayi nawa ne a yini, aka ce jika biyar, ta ce to.

Can take aiki har yanzu, duk ranar da akwai taro. Hayaƙi ya fara cin idonta na hagu, zare ma sai 'yata ta zura mata a allura. Tana fita da sassafe da zanen aiki a leda, ta dawo bayan la'asar da ɗan kwanon abin da ya rage. Ba ta kawo mana labarin wajen aiki, mu ma ba ma tambaya. In ta shigo takan zauna a bakin ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafafu, ta ce in ɗumama wa yarinya abincin kafin ya lalace.